Gezar da ke bin gefen hoto bayan an cire bayansa

Duk wanda ya saba duba kalandar biki ko fastar 'yan takara ya taɓa ganin abin, ko da bai san sunansa ba. Ango na tsaye cikin babbar riga, an ɗora shi a kan shuɗi mai duhu, sai ka ga wani siririn farin zare ya bi kafaɗarsa, ya zagaye hularsa, ya shiga cikin gemunsa kamar furfura. Wannan zaren shi nake kira geza. Saura ne na tsohon bayan hoton da aka cire, kuma shi ke sa mai kallo ya gane nan take cewa yanko mutumin aka yi aka liƙa.

Yawancin masu koyon aikin suna zaton ba su yanka da kyau ba ne, sai su sake yanka, geza kuwa tana nan. Ba a hannunsu laifin yake ba. A cikin hoton kansa yake tun daga kyamara.

Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake iya ɗauka. To, ɗigon da ya faɗo daidai kan iyakar rigar ango da bangon da ke bayansa fa? Rabinsa riga ne, rabinsa bango. Kyamara ba ta da yadda za ta raba shi, sai ta gauraya launukan biyu ta ba shi launi guda, kamar yadda in ka zuba madara a shayi ba ka ƙara samun kowannensu daban. Idan mai aiki ya share bango, waɗannan ɗigo na kan iyaka sukan tsira, domin ba su yi kama da bango sosai ba, kuma suna riƙe da kasonsu na launinsa.

Bari mu sa lissafi kaɗan, domin shi zai nuna abin da ya sa wata sananniyar dabara ba ta aiki. Ana auna hasken ɗigo daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. A ce rigar angonmu shadda ce mai duhu, haskenta 20, an ɗauke shi a gaban farin bango mai haske 240. Ɗigon kan iyaka, rabi da rabi, zai zama 130. Yanzu an ɗora shi a kan shuɗi mai duhu da haskensa 40. Da a gaban wannan shuɗin aka ɗauki hoton tun farko, da ɗigon iyaka 30 zai kasance, tsakanin 20 da 40. Amma ga shi 130, ya fi rigar haske, ya fi shuɗin haske. Shi ke nan farin zaren.

Nan ne mutane da yawa ke rugawa su tausasa gefen da Feather, wai don ya narke cikin sabon baya. A ce tausasawar ta mai da ɗigon rabin-gani, ana hango shuɗin ta cikinsa. Rabin 130 da rabin 40 sun ba da 85. Har yanzu ya ninka hasken shuɗin fiye da sau biyu, sai dai zaren ya daina zama zare, ya koma hazo. Ni a wurina hazon ma ya fi muni, domin yana cinye kaifin kafaɗa. Tausasawa tana sauya yawan bayyanar ɗigo ne kawai, ba ta taɓa launin da ke cikinsa. Saboda haka hanya biyu ce ta rage: ko a aske ɗigon da ya gurɓata, ko a sauya masa launi. Wadda za a bi kuwa, irin gefen ne zai faɗa.

Kafin a taɓa komai, a fara tona asirin gezar. A Photoshop, a sa Solid Color a ƙarƙashin hoton da aka yanko, a gwada baƙi, a gwada fari, sannan a gwada ainihin launin da za a buga. Waɗannan ƙananan murabba'ai masu fari da toka da manhajar ke nunawa a wurin da babu komai suna ɓoye farar geza ƙwarai, kuma su suka yaudari mutane da yawa har aiki ya kai ga injin bugu. A faɗaɗa zuwa 200% ko 300% a ƙirga faɗinta: ɗigo ɗaya ne, biyu ne, ko fiye? Sannan kada a share bayan hoto da Eraser. A ɓoye shi da Layer Mask, wato marufin da baƙinsa ke ɓoyewa farinsa ke bayyanawa, domin in an yi kuskure a iya dawowa.

A fara da gefe mai kaifi: kafaɗar riga, gefen hula, hannu. Nan askewa ce magani, kuma ba ta da wuya. A danna kan marufin, a zagaye kafaɗar da Lasso don aikin ya tsaya a nan kawai, sannan a shiga Filter > Other > Minimum. Wannan yana matse farin marufin zuwa ciki. A zaɓi Roundness a wajen Preserve, a sa Radius a kan 1, a duba. In gezar ɗigo biyu ce, a kai 2. A hoto mai faɗin ɗigo 4000, rasa ɗigo ɗaya ko biyu a kafaɗa ba abin da ido zai gani ba ne. Masu amfani da GIMP suna samun irin wannan da Select > Shrink. Alamar an wuce gona da iri a fili take: kunne ya sirance, ƙarfen tabarau ya tsinke, yatsu sun yi kamar an fere su.

Zagayewar da Lasso ita ce abin da ba na so a tsallake. In aka aske hoton gaba ɗaya, gemu zai tafi. Silin gashi sau da yawa faɗinsa bai fi ɗigo ɗaya ko biyu ba, wato shi kansa duk ɗigon iyaka ne. Haka mayafin amarya mai raga, wanda ake hango bango ta cikinsa. Irin waɗannan ba a aske su, rina su ake yi.

Akwai rini na inji. A cikin Select and Mask, in aka danna Decontaminate Colors, manhajar za ta maye launin ɗigon gefe da launin ɗigon da ke kusa da su ta ciki, ta fitar da sakamakon a sabon Layer, tun da ta taɓa launin hoton kansa. Yakan yi kyau a gemu mai launi ɗaya. Amma a lura da shi a wurin da akwai ado: inda aikin zare na wuyan riga ko duwatsun mayafi suka kai bakin gefe, yakan ja launinsu ya shafe kamar an goga yatsa a ɗanyen fenti. Akwai kuma Layer > Matting > Defringe, wanda ke yin kusan haka a faɗin ɗigon da ka ba shi, sai dai yana aiki ne a kan hoton da aka riga aka share bayansa, ba mai marufi ba, don haka a kan kwafi ake gwada shi. In ka wuce 1 ko 2 sai ka ga layuka suna fita daga gefen. Maƙwabcinsa Remove White Matte lissafinmu na ɗazu yake juyawa, yana cire kason fari daga ɗigon da ke rabin-gani, amma yana ɗauka bangon fari ne fat. In bangon ruwan madara ne, sai ya duhunta gefen fiye da kima, farar geza ta koma baƙa.

Ni dai rinin hannu na fi yarda da shi, ko da ya fi cin lokaci. A buɗe sabon Layer a saman hoton, a danna Ctrl+Alt+G ya zama Clipping Mask. Daga nan duk fentin da ka shafa ba zai fita daga jikin mutumin ba, ko da burushinka ya zarce. Da Brush mai laushi a hannu, ka danne Alt ka ɗebo launin gemun daga ciki kaɗan, ka bi gefen a hankali. Ka riƙa sake ɗebo launi duk inda ka matsa, domin gemun da ke gefen haske ba launinsa ɗaya da na gefen inuwa ba.

Ga wani wuri da ake yawan faɗuwa. An saba koya wa mutane su mai da wannan Layer ɗin Color, kuma daidai ne a wani halin, amma ba a namu ba. Color yana sauya launi ya bar haske yadda yake, mu kuwa matsalarmu hasken ce: 130 a inda ya kamata a ga 20. Ga farar geza, Darken ake so, wanda ke taɓa ɗigon da ya fi fentinka haske kawai ya ƙyale sauran. Ga baƙar geza a gefen farin kaya, Lighten.

Color yana da ranarsa, ita ce ranar da aka ɗauki hoton a gaban koren ƙyalle. A nan ban da gauraya a kan iyaka akwai wani abu: hasken da ya bugi ƙyallen yana dawowa ya sauka a kan mutum, sai kumatu da gefen wuya da farar riga su yi kore-kore, har can ciki nesa da iyaka. Ko ka aske ɗigo goma ba za ka kai ƙarshensa ba. Amma hasken wurin daidai yake, launin ne ya ɓaci, don haka sai a ɗebo launin fata mai kyau a shafa da Color, a rage Opacity in ya yi ƙarfi. Mai ɗaukar hoto ma zai iya rage wannan aiki in ya matso da mutum taku biyu ko uku daga ƙyallen.

Wani lokaci kuma za ka ƙirga geza ka ga ta kai ɗigo huɗu ko biyar, ga tabo-tabo a gefenta. To hoton ya sha matsa ne. Tsarin JPEG yakan adana launi da ƙarancin kaifi fiye da haske, saboda haka launin bango yana malalowa cikin gefen mutum, kuma duk sake adanawa tana ƙara ɓarna. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba ana rage girmansa a kuma sake matse shi. Idan hoto mai tsawon ɗigo 1000 aka shimfiɗa a kan bana mai mita biyu, kowane ɗigo ya zama milimita biyu, geza mai ɗigo huɗu ta zama milimita takwas, kusan kaurin biro. Ba ƙwarewar da za ta ɓoye wannan ba tare da ta ci naman hoton ba.

Saboda haka mai biki, ko wakilin ɗan takara, in za ka kai hoto a yi maka kalanda ko bana, ka karɓo ainihin fayil ɗin daga mai kyamara a filashi, ko ka ce a turo shi a matsayin Document. Kuma kafin a buga, ka ce mai aikin ya faɗaɗa maka gefen gemu da bakin mayafi a kan launin da za a buga, ka gani da idonka.