Wasiƙarka ta neman aikin gwamnati: kujerar kake bayani ko kanka?

Ɗan ƙanwata ya same ni a gida a Filinge wata ranar Lahadi, bayan an fara watsewa daga kasuwa, da farar takarda cikin leda don kada ƙura ta ɓata ta. Ya yi shekara biyu na bautar ƙasa a ofishin rajistar haihuwa, aure da mutuwa na wata ma'aikatar magajin gari a nan ƙasar Kurfai, yanzu kuma an yi sanarwar wani gurbi na mai kula da irin wannan sashe, an ce kowa ya haɗa takardar tarihin aikinsa da wasiƙar da zai bayyana dalilin da ya sa ya cancanta. Da safe zai hau mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, ya kai takardun.

Na karanta wasiƙar sau biyu. Faransancin ba laifi, gaisuwar ƙarshe ma ta cika sharaɗi. Amma ga abin da ke tsakiya, in na mayar da shi Hausa: an ɗora mini alhakin rajistar haihuwa, ina karɓar jama'a, ina adana kundaye, ina shirya rahoton wata-wata, ina halartar taruka, ni mutum ne mai himma, mai son aiki tare da jama'a. Na ɗaga kai na ce, "Yaro, wanda ya zauna kujerar nan kafin kai, da wanda zai zauna bayanka, wane layi ne a nan ba za su iya sa hannu a ƙarƙashinsa ba?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, to mi ya yi saura? Aikin ke nan."

Ayyukan da ya jera na kujerar ne, kuma masu tantance takardun su ne suka rubuta su a cikin sanarwa. Sun san mai rajista yana rajista. Malalacin da ke zuwa ofis ƙarfe goma ya tashi kafin azahar shi ma "an ɗora masa alhakin" duk abubuwan nan. Abin da suke nema su gani shi ne me ya sauya a ofishin saboda kai ne ka zauna, kuma wasiƙar ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Da na matsa masa ya gaya mini gaskiya: a wani shagon buga takardu aka yi masa ita. Mai shagon yana da wasiƙa guda a cikin na'ura, ya sauya suna da muƙami, ya karɓi kuɗinsa. Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Mutum ya sha wahalar neman takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba shi da laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, takardar likita, ya bi layi a buga hatimi a kofen difloma, ya sayi tambur, sannan takarda ɗaya tilo da aka ba shi damar yin magana da bakinsa ya miƙa ta ga wanda bai taɓa ganin ofishinsa ba. Idan mutum goma daga gari ɗaya suka kai wasiƙa iri ɗaya har da kuskuren waƙafi iri ɗaya, kuna tsammani mai karantawa makaho ne?

Kafin in ci gaba, kada a haɗa takardu biyu. Akwai gajerar takardar roƙo da ake rubutawa da hannu a manna mata tambur, wadda aka saba nema wajen shiga gasar ɗaukar ma'aikata. Wannan ba wurin ba da labari ba ne, sunanka, gurbin da kake nema, da jerin abin da ka haɗa, shi ke nan. Maganata a kan ɗayar ce, wadda ake nema idan an buɗe wani muƙami aka ce masu sha'awa su gabatar da kansu.

Na ce ya ajiye wasiƙar ya ɗauko mini duk abin da ya rage masa daga wurin aikin. Allah ya taimake shi yana da kofen rahotanninsa na wata-wata da wani tsohon littafin ɗalibai da yake ƴan rubuce-rubuce a ciki. Muka shimfiɗa tabarma. Kowane aiki da ya jera, tambaya uku na yi masa: yaya ka tarar da shi, me ka yi da hannunka, yaya ka bar shi.

Muka fara da rajistar haihuwa. Dokar shekarar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta hannun alƙali. A ƙauye, ana cika takardar bayyanawa a wurin maigari ko a ɗakin shan magani, daga nan a kawo ta ofishin magajin gari a shigar da ita kundi a fitar da takardar haihuwa. A tsakanin nan ne abubuwa ke kwana. Na tambaye shi me ya tarar ranar da ya fara. Ya yi dariya ya ce kwali biyu cike da takardun da aka kawo ba a shigar ba. Nawa ne? Ya buɗe littafinsa: 412, don shi da kansa ya ƙirga su a makon farko. Yaushe suka ƙare? Rahoton wata na biyar ya nuna babu saura. Ta yaya? Kullum bayan an tashi yakan ƙara awa ɗaya, kuma ya jera su ƙauye-ƙauye don iyayen gari ɗaya su karɓi nasu rana ɗaya.

Ku dubi abin da yaron nan ya binne ƙarƙashin "an ɗora mini alhakin rajistar haihuwa". Muka rubuta shi haka: "Da na kama aiki na tarar da takardun bayyana haihuwa 412 da ba a shigar a kundi ba. Na jera su ƙauye-ƙauye, na shigar da su duka cikin wata biyar, ba tare da sabbin da ke shigowa sun taru ba." Babu kalmar himma a ciki, kuma ba a buƙatarta.

Na biyu ya fi ba ni sha'awa, domin shi bai ma ɗauke shi aiki ba. Ƙauyuka 14 ne ke da wurin bayyana haihuwa a ƙarƙashin ofishinsu, amma shida kawai ke kawo takardunsu a kai a kai. Sauran, tafiya ce da tsada da kuma halin tsaro da kowa ya sani a jihar Tilaberi. Sai ya lura cewa masu cika takardun ko ƴan aikensu ba sa fashin kasuwar mako. Ya nemi izinin shugabansa, ya riƙa zama a rumfar wani mai shayi ranar kasuwa da jakarsa, yana karɓar cikakku yana ba da sabbi. Kafin ya gama bautar ƙasa, ƙauyuka 11 ne ke kawowa duk wata. A tsohuwar wasiƙar, duk wannan shi ne "ina karɓar jama'a".

A nan muka ɗan yi gardama. Ya so ya rubuta cewa ya ƙara yawan ƙauyukan da kashi 83 cikin ɗari, wai ya fi cika kunne. Na hana. Daga shida zuwa 11 cikin 14 kowa ya gane, kuma kowa zai iya bincikawa. Kaso ba tare da asalin adadi ba yana sa mai hankali ya yi zargin ana ɓoye masa wani abu. Ya kuma so ya sa cewa shi ya shirya zaman da alƙali ya zo gari aka yi wa yaran lakwal takardun haihuwa a taro. Na ce, "Kai ka gayyato alƙalin?" A'a, magajin gari ne da wata ƙungiya. To me ka yi? Ya bi makarantu huɗu ya haɗa sunayen yaran da ba su da takarda, ya shirya takardun kowane yaro kafin ranar. Sai ka rubuta wannan, iyakarsa. Ƙasarmu ba ta da girman da za ka yi ƙarya ta ɓace. Ba abin mamaki ba ne a cikin masu yi maka tambayoyi a Yamai a sami wanda ya yi aiki a Filinge, ko abokin karatun tsohon shugabanka, waya ɗaya ta isa.

Halartar taruka da adana kundaye muka zubar da su gaba ɗaya, tunda bai iya nuna wani abu da ya sauya a can ba. Shafi ɗaya ne, misali biyu ko uku masu ƙarfi sun wadatar, kuma a zaɓe su daidai da abin da sanarwar ta ambata da farko. Sunayen mutanen da ke cikin kundi kuwa ba su da wuri a wasiƙa. Sirrin aiki ne, adadi kawai za ka ba da.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron nan ya tsira ne don yana da littafi da kofen rahotanni. Yawancinku ba ku da su. Malamin kwantiragi ya yi shekara shida yana koyarwa a Bonkuku ko Shikal, ka tambaye shi yara nawa ya karɓa a aji, nawa suka kai ƙarshen shekara, ƴan mata nawa ya bi gida ya dawo da su, sai ya ce "da dama". Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta yi ta fita rigakafi ƙauyuka, lambobin duk sun tafi cikin rahoton da ta aika sama, ita ba ta riƙe komai ba. Wanda ya yi horo a tashar kiwo ta Tukunus, inda ake kula da shanun Azawak, ba zai iya cewa shanu nawa ya auna wa madara ba. Littafin dala hamsin ya fi ƙarfinku? Makon farko a wurin aiki, rubuta abin da ka tarar, da kwanan wata, domin in babu adadin farko, na ƙarshe ba ya nuna komai. Ƙarshen kowane wata ka ƙara layi uku.

Kuma ku karɓi takardar shaidar aiki tun shugabanku yana kan kujera. Ana sauya wa ma'aikata wuri ba sanarwa, wanda zai gaje shi bai san ka ba, ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Idan za a yi maka ita, ka roƙa cikin ladabi a sa aiki ɗaya ko biyu da adadinsu, kada a tsaya a kan "ya yi aiki a wurinmu daga wata kaza zuwa wata kaza". Ta ɗan ƙanwata irin wannan busasshiyar ce. Sai da muka kira tsohon shugaban nasa bayan isha'i, muka yi sa'a yana nan bai tashi ba, ya ce a zo da safe ya duba rahotannin ya sake wata. Tafiya Yamai ta koma Talata, kwana ɗaya kafin a rufe karɓar takardu.