Takardun Banki Don Neman Biza: Abin da Za Ka Kai da Abin da Za Ka Duba

Jami'in da ke duba takardun biza bai san ka ba, bai san shagonka ko gidanku ba. Takarda ce ke magana a madadinka, kuma a cikin takardun babu wadda ake bi layi-layi kamar ta banki. Iri biyu ce. Ta farko ita ce takardar bayanin asusu, wadda aka fi sani da sitatimen, mai nuna duk kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Ta biyu wasiƙar shaida ce, inda banki ke tabbatar da cewa kai abokin hulɗarsa ne, da ranar da ka buɗe asusun, da irinsa, da abin da ke ciki idan ka ba da izini. Banki ba ya tsaya maka a wannan wasiƙa. Abin da ke rubuce a wurinsa kawai yake faɗa.

Ba a bayar da su da baki. Za ka rubuta wa manajan reshe wasiƙa ko ka cike fom, ka sa cikakken sunan asusu da lambarsa mai alƙaluma 10. Ka faɗi ranar da sitatimen zai fara da ranar da zai ƙare, domin "na 'yan watanni" ba amsa ba ce a wurin ma'aikaci. Yawancin ofisoshin jakadanci na neman wata uku zuwa shida, sai ka duba sharaɗin ƙasar da za ka je tun kana gida. Ka kuma rubuta sunan ofishin da za a yi wa wasiƙar, misali ofishin jakadancin Birtaniya da ke Abuja, da lambar fasfonka. Tafi da fasfon kansa, da lambobin BVN da NIN, ka sa hannu irin wanda ka yi ranar buɗe asusu. Idan asusun kamfani ne, masu ikon sa hannu a kansa ne kaɗai za su iya nema. Akwai ɗan kuɗin da ake cira, yawanci gwargwadon yawan shafuka.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke son zuwa bikin kammala karatun ɗansa a Birtaniya. A fasfo sunansa Muhammad, a asusu kuwa tun shekarun baya an gajarce shi zuwa Moh'd, an kuma bar sunan kakansa. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne, amma a takarda mutum biyu ne. Gyaran suna yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu da daidaita bayanan BVN, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Shi ya sa ake fara duba wannan makonni kafin ranar miƙa takardu.

Matsalarsa ta biyu ta fi girma. Cinikinsa na hannu ne, asusun bai saba ganin fiye da naira dubu ɗari biyar ba, sai ga miliyan huɗu sun faɗo mako guda kafin a buga sitatimen. Jami'i zai ɗauka aro aka yi don a cika ido, kuma wannan na cikin dalilan da suka fi jawo a hana biza. In fili ya sayar, ya haɗa da takardar cinikin mai ɗauke da adadi da kwanan wata da suka dace da abin da ya shiga asusu. Abin da ya fi masa shi ne ya riƙa zuba cinikinsa a banki a kai a kai tun watanni kafin tafiya, yadda abin da ya rubuta a fom a matsayin samunsa zai yi daidai da abin da takarda ta nuna.

Ga ɗalibi mai neman bizar karatu a Birtaniya, lissafin kwanaki doka ce. Dole kuɗin da ake buƙata su zauna kwana 28 a jere ba tare da sun ragu ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma kada ranar ƙarshe ta sitatimen ta wuce kwana 31 kafin ranar nema. Idan ya rufe ranar 10 ga Yuli, ya zama kuɗin suna ciki tun 13 ga Yuni, a kuma nemi bizar kafin 10 ga Agusta.

Kada ka bar harabar banki sai ka zauna ka karanta abin da aka ba ka. Duba harafin sunanka ɗaya bayan ɗaya da fasfo a hannu. Tabbatar wasiƙar tana kan takarda mai tambarin banki, da kwanan wata, da sunan jami'in da ya sa hannu. Ƙirga shafukan sitatimen, ka ga hatimi a kowanne, ka kuma ga adadin da ke wasiƙa bai saɓa da na sitatimen a ranar ba.

Ka guji 'yan tsakiya masu cewa za su "gyara" maka sitatimen. Ofisoshin jakadanci na iya tuntuɓar banki don tantancewa, kuma a dokar Birtaniya takardar jabu na iya jawo a hana mutum shiga ƙasar har shekara 10. Asusu mai kuɗi kaɗan da tarihi mai tsabta ya fi mai miliyoyin da ba ka da bayaninsu.