Jinya a gida, makara a ofis: yadda ake rubuta wasiƙar bayani

A yawancin ma'aikatun gwamnati akwai littafin sa hannu a bakin ƙofa. Ana fara aiki ƙarfe 8 na safe, bayan ɗan lokaci sai a ja layi da jan biro, duk wanda sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin ya makara. Littafin nan bai san dalili ba. Wanda barci ya kwashe da wanda ya kwana a kan benci a asibiti yana jinyar mahaifiyarsa, layi ɗaya ya raba su da sauran jama'a. Idan makarar ta yawaita, takardar tuhuma ce za ta biyo baya, a ce mutum ya yi bayani a rubuce cikin wa'adin da aka ɗiba masa, sau da yawa kwana ɗaya zuwa uku. Amsar da ya bayar za ta shiga fayil ɗinsa ta zauna. Shugaban da ya san halin da ake ciki yana iya samun canjin wurin aiki gobe, fayil kuwa yana nan har ranar ritaya.

Abu na farko da ya kamata ma'aikaci ya sani shi ne doka ba ta tanadar masa wani hutu na musamman don jinyar iyaye ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa idan shi kansa ne ba shi da lafiya, kuma likita ya tabbatar. Ta ba shi aƙalla kwana 6 na hutun shekara bayan ya cika wata 12 yana aiki. Ciwon uwa ko uba bai shiga lissafin nan ba. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuma sun sa yawan makara cikin jerin laifuffukan rashin ɗa'a, ƙin zuwa aiki ba tare da izini ba kuwa yana cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora. Ke nan mai rubuta wasiƙar ba haƙƙi yake nema a ba shi ba. Alfarma yake nema, kuma shugaba ba ya iya yin alfarma a hukumance sai an ba shi abin da zai sa wa hannu ya kare kansa da shi idan nasa shugaban ya tambaye shi.

A nan ne yawancin wasiƙu ke faɗuwa. Sai ka ga shafi biyu cike da roƙo: a dubi girman Allah, kowa ya san darajar uwa, ba zan ƙara ba in Allah ya yarda. Duk gaskiya ne, ban da na ƙarshen. Mutumin da mahaifiyarsa ke kan wankin ƙoda sau biyu a mako, idan ya rubuta cewa ba zai ƙara makara ba, ya sa hannu a kan alkawarin da zai karya ranar Litinin mai zuwa. Takardar tuhuma ta biyu za ta zo ɗauke da kalmominsa na farko a matsayin hujja a kansa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wani akawu ne a sashen kuɗi na wata ma'aikata. Ƙodar mahaifiyarsa ta gaza, ana yi mata wanki Litinin da Alhamis, kowane zama yana cin kusan awa huɗu. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san aikin majinyaci ya wuce riƙe hannun mara lafiya: shi ne zai kawo ta, ya biya kuɗi a wannan taga, ya karɓo kayan wanki a waccan, wani lokaci ya kai jini ɗakin gwaji ya jira sakamako. Akawun nan yakan fito da ita bayan sallar asuba, ya tsaya har a ɗora ta a kan na'ura. Ƙanwarsa ba ta iya zuwa ta karɓe shi sai ta kai yaranta makaranta, wajen ƙarfe 9. Kafin ya keta cunkoson gari ya isa ofis, 10 ta buga. Takardar tuhumar da aka ba shi ta lissafa makara sau 11 cikin mako biyar.

Kafin ya ɗora biro a takarda, sai ya ɗauko katin asibiti da rasiɗan biyan kuɗi ya jera su kusa da ranakun da aka lissafa. Tara sun faɗo a Litinin da Alhamis, daidai da katin. Ɗaya ranar Laraba ce da jikin tsohuwar ya tashi cikin dare aka kwana a asibiti. Ɗaya kuwa ba ta da wani dalili, gajiya ce ta kayar da shi ya makara. Abin da zuciya za ta raya masa shi ne ya tura ta goma sha ɗayan cikin jinya, wa zai bincika? Kada ya yi. Shugaban da ya ga mutum ya ware rana ɗaya ya ce wannan laifina ne, zai yarda da sauran goman ba tare da ya duba rasit ba. Wanda kuma ya kama rana ɗaya ta ƙarya zai yi shakkar duka, har da ciwon.

Irin wannan wasiƙa a ofisoshin gwamnati da Turanci ake rubuta ta, ana kuma bi da ita ta hannun shugaban sashe kafin ta kai ga wanda ya yi tuhumar. Amma abin da ke cikinta ba ya canzawa da harshe. Ga yadda ta kasance:

"Ranka ya daɗe, na karɓi takardar tuhuma game da makarata sau 11 daga farkon watan jiya zuwa yau. Ranakun da aka lissafa daidai ne, kuma na yi kuskure da ban sanar da ofis a rubuce tun farko ba. Mahaifiyata tana fama da ciwon da ke buƙatar a kai ta asibiti kowace Litinin da Alhamis da safe, ni ne nake kai ta har ƙanwata ta karɓe ni da ƙarfe 9. Tara daga cikin ranakun na wannan ne, ɗaya kuma kwanan gaggawa muka yi a asibiti. Na haɗa kwafin katin asibiti. Rana ɗaya da ta rage ba ni da uzuri, ina neman afuwa.

"Likita ya ce za a ci gaba da wannan magani, don haka ba zan iya alkawarin isowa ƙarfe 8 a waɗannan ranaku biyu ba. Ina roƙon a amince in riƙa isowa ƙarfe 10 in tashi ƙarfe 6 a ranakun, na tsawon wata uku, sannan a sake dubawa. Idan hakan ba zai yiwu ba, ina roƙon a cire lokacin daga hutuna na shekara. Takardun biyan kuɗi da ake buƙata da safe zan kammala su tun jajibiri. Na kuma nemi asibiti su mayar da mu zaman yamma idan gurbi ya samu. Sauran ranakun mako zan kasance a kan lokaci."

Sakin layi na biyun nan shi ne wasiƙar. Na farko ya amsa tuhuma ne kawai, na biyu ya ɗauke wa shugaba wahalar tunanin abin da zai yi. An nuna masa girman matsalar, awa biyu sau biyu, wato awa huɗu a mako. An ba shi hanya biyu ya zaɓi ɗaya. An faɗa masa yadda aikin safe ba zai tsaya ba, wanda shi ne ainihin abin da ke damunsa, domin idan akawu bai zo ba mutane ne ke tsaye a bakin ofis da takardu a hannu. An kuma sa wa'adi. Shugabanni suna tsoron alfarmar da ba ta da ƙarshe, saboda gobe wani zai zo ya ce a yi masa irin wadda aka yi wa wane. Wata uku abu ne da za a iya sa wa hannu, idan ya cika a sabunta.

Za a lura bai ambaci sunan ciwon ba. Wannan zaɓi ne, kuma a ganina shi ne daidai. Fayil yana bi ta hannun masinja da akawun rajista da sakatare kafin ya isa teburin da aka nufa, kuma tsohuwar ba ta ba kowa izinin karanta labarin jikinta ba. Da yawa daga cikinmu ma kunya ce ke hana mu faɗin cewa muna jinya tun farko, har makara ta taru. To akwai tsaka-tsaki tsakanin ɓoye komai da tona komai: ofis yana buƙatar ranaku da awoyi da shaidar cewa asibitin gaske ne, ba ya buƙatar sakamakon gwaji. Idan katin ya nuna fiye da haka, a roƙi likita ya rubuta gajeriyar takarda mai cewa wance tana zuwa rana kaza da kaza, kuma tana buƙatar mai rakiya.

Wasiƙar tana da iyaka. Malamin da ke da darasi a awar farko, ko nas mai karɓar aiki daga ta dare, ko mai karɓar kuɗi a banki, ba za su iya biyan awar safe da ta yamma ba, domin ajin ko layin mutane ba zai jira ba. Su abin da za su nema shi ne musayar jadawali da abokin aiki, kuma su samo yardar abokin kafin su rubuta. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa, takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani su ne abin dubawa, wasu sun tanadi hutun jinƙai na 'yan kwanaki, wasu babu. Idan ciwon irin wanda ba shi da rana ne, yau lafiya gobe asibiti, gara mutum ya nemi hutunsa na shekara a dunƙule, ko dangi su zauna a raba kwanakin jinya, da ya yi ta aika uzuri ɗaya bayan ɗaya har a gaji da shi.

Izinin baki kuma ba izini ba ne. "Ba komai, je ka, Allah ya ba ta lafiya" magana ce mai daɗi daga shugaba mai kirki, amma ba ta goge jan layi daga littafi. Idan an amince, a nemi a rubuta amincewar ko da a gefen wasiƙar ce, da sa hannu da kwanan wata. A yi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi a ɗaya a tafi da ita gida. Idan abu ya lalace har ya kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke sauraron rigingimun aiki a Najeriya, takarda za a tambaya.

Mai karatu, idan yanzu haka kana jinya kuma sunanka ya fara faɗowa ƙarƙashin layin nan, kada ka jira takardar tuhuma. Rubuta sakin layi na biyun a makon nan, ka miƙa shi da kanka.