Cikin Hanta: Jini Na Shiga, Ruwan Matsarmama Na Fita

Idan mahauci ya yanka ɗanyar hanta, abin da ido ke gani tsoka ce ja mai santsi, kamar babu wani tsari a cikinta. Amma a ƙarƙashin madubin likita kamanninta na komawa irin na saƙar zuma: 'yan ɗakuna masu kusurwa shida, jere kafaɗa da kafaɗa, faɗin kowanne bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Likitoci na kiran kowane ɗaki lobul. Likitan nan Francis Kiernan ne ya fayyace tsarinsu a Landan a 1833. A hantar raƙumi iyakokin ɗakunan a fili suke, domin akwai tantani tsakaninsu, a ta ɗan Adam kuwa sai an lura sosai.

A kusurwoyin ɗakin akwai 'yan bututu uku da ke tafiya tare kamar 'yan uku. Na farko reshe ne na babbar jijiyar fotal, wadda ke kwaso jini daga hanji da tumbi da saifa, ɗauke da abin da aka ci aka sha, har da magani. Na biyu ƙaramar jijiya ce mai kawo jinin da ya taso daga zuciya cike da iskar oksijin. Na uku kuwa ba ruwansa da jini, magudanar ruwan matsarmama ce. Cikin kusan lita ɗaya da rabi na jinin da ke ratsa hantar baligi a kowane minti, kashi uku cikin huɗu ta jijiyar fotal yake shigowa.

Jinin nan iri biyu yana gauraya tun daga bakin ɗaki, sannan ya gangara a hankali ta wasu siraran lunguna da ke tsakanin layukan ƙwayoyin hanta, ya nufi tsakiya. A kan hanya ƙwayoyin suna tsame sukari su adana, su sarrafa guba, yayin da wasu masu gadi da ake kira ƙwayoyin Kupffer ke cafke ƙwayoyin cutar da suka ɓullo daga hanji. A tsakiyar ɗaki akwai jijiya guda tilo da ke tattara jinin ta mayar da shi hanyar zuciya.

Ruwan matsarmama kuwa baya ya ba jini. Ƙwayoyin hanta ne ke haɗa shi, ba matsarmamar ba (ita rumbun ajiya ce kawai, shi ya sa raƙumi da doki ke zamansu lafiya ba su da ita), sai su zuba shi a wasu 'yan kwalbatoci na daban da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Daga nan yake kwarara daga tsakiya zuwa gefe, ya faɗa bututu na uku, ya kama hanyar hanji.

Mai noman rani ya san wannan lissafin tun kafin likita. Fangalin da ke bakin rijiya shi ke shan ruwa ya ƙoshi, na can ƙurya sai abin da ya rage. Haka ƙwayoyin da ke gefen ɗaki ke samun jini mai wadatar oksijin, na kusa da tsakiya kuma su sami saura. Ga shi kuma su na tsakiyar ne suka fi yawan sinadaran narka magunguna.

Farasitamol ya isa misali. Iyakar da aka yanke wa baligi ita ce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. A ce mai ciwon haƙori ya riƙa afa uku-uku bayan kowace sa'a biyu, ya haɗa da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Ƙwayoyin tsakiya su ke juya wani ɓangare na maganin ya zama guba, garkuwar da ke kashe gubar kuma ita ce mafi ƙaranci a wajensu. Da ta ƙare sai su fara mutuwa, a kewayen jijiyar tsakiya, ɗaki bayan ɗaki, alhali na gefe suna nan da rai. Mugun abin shi ne a ranar farko mutum bai cika jin komai ba sai tashin zuciya. Ciwon gefen dama na ciki da shawara sai a kwana na biyu ko na uku, maganin karya gubar kuwa ya fi aiki cikin sa'o'i takwas na farko.

Idan kuwa tsakuwa ce ta toshe babbar magudanar matsarmama, ruwan zai taru ya koma baya, bututun da ke kusurwoyi su kumbura, launinsa ya tsallaka cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jiki ya dami mutum da ƙaiƙayi, bayan gida kuma ya yi fari-fari domin abin da ke rina shi bai iso hanji ba. Shi ya sa likitan da aka kawo wa mai shawara yakan tambayi launin bayan gidansa tun kafin ya tura shi ɗaukar hoton ciki.