Yadda Za Ka Sa Waya Ta Tuna Maka Ranar Aiki Ta Ƙarshen Wata

Mai biyan kuɗin wuta, ko hayar shago, ko zubin adashi a ƙarshen wata yakan buɗe kalandar waya ya zaɓi ranar 31, ya ce ta riƙa maimaitawa duk wata. Nan ake fara samun matsala. Wata bakwai ne kawai ke da kwana 31. A ƙa'idar da yawancin kalandun zamani ke bi, idan ranar da aka zaɓa babu ita a cikin wata, tsallake watan ake yi. Ke nan Fabrairu da Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba na iya wucewa waya ba ta ce uffan ba.

Wasu sukan koma ga Juma'ar ƙarshe. Ta fi ranar 31 dama, amma ita ma ba ranar aiki ta ƙarshe ba ce. A watan Maris na 2026, Juma'ar ƙarshe ta faɗo ranar 27, alhali ranar aiki ta ƙarshe Talata ce, 31 ga wata. Ga wanda albashinsa bai shigo ba tukuna, tunatarwar da ta zo da wuri haka kashe ta zai yi ya manta.

Masu iPhone sun huta. A cikin Calendar, sai a shiga Repeat, a zaɓi Custom, a mai da shi Monthly, sannan a haɗa last da weekday. Outlook na kwamfuta ma yana da wannan zaɓi. Google Calendar, wanda mafi yawan masu Android ke amfani da shi, shi ne ba ya nuna shi a cikin jerin zaɓuɓɓukansa. Abin mamaki, yana gane umarnin idan aka miƙa masa a rubuce.

A kwamfuta, a buɗe Notepad a rubuta wannan, a adana shi da suna kamar `biya.ics`:

```
BEGIN:VCALENDAR
VERSION:2.0
BEGIN:VEVENT
SUMMARY:Biyan kudin wuta
DTSTART;VALUE=DATE:20260130
RRULE:FREQ=MONTHLY;BYDAY=MO,TU,WE,TH,FR;BYSETPOS=-1
END:VEVENT
END:VCALENDAR
```

Layin da ya fara da `RRULE` shi ne ke ɗauke da aikin. Yana cewa kalanda: duk wata, ki tara ranakun Litinin zuwa Juma'a, ki ɗauko ta ƙarshe a cikinsu. Wannan `-1` ɗin ma'anarsa a ƙirgo daga baya. Layin `DTSTART` kuwa ranar farawa ce, kuma ya kamata ita kanta ta zama ranar aiki ta ƙarshe a watanta, kamar Juma'a 30 ga Janairun 2026. Wanda ke zaune a Sudan ko Saudiyya, inda hutun mako Juma'a da Asabar ne, sai ya mai da ranakun `SU,MO,TU,WE,TH`.

Daga nan a buɗe Google Calendar a kwamfutar, a shiga Settings, sai Import & export, a ɗora fayil ɗin. Zai bayyana a waya da kansa. Kada a yarda ya zauna daidai sai an leƙa watannin gaba: a 2026 ya kamata a gan shi ranar 27 ga Fabrairu, 31 ga Maris, da 29 ga Mayu. Idan an gan shi a Asabar ko Lahadi, akwai kuskure a rubutun. Bayan haka ana iya sauya sunansa ko lokacin ƙararrawa, amma kada a taɓa wajen maimaitawa, domin da zarar an zaɓi wani abu a can, umarnin ya tafi.

Akwai abin da duk wannan dabara ba ta magancewa, wato ranakun hutu. Kalanda ta san Asabar da Lahadi, ba ta san sanarwar gwamnati ba, balle ganin wata. A 2025, gwamnatin Najeriya ta ba da hutun Ƙaramar Sallah ranar Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu. Umarninmu zai buga ranar Litinin ɗin, bankuna da ofisoshi a rufe, alhali ranar aiki ta ƙarshe ta riga ta wuce tun Juma'a 28 ga wata. Mai tura kuɗi ta waya ba ruwansa, amma wanda sai ya je banki ko ofis da ƙafarsa ya makara.

Shi ya sa a ganina gara a ƙara wa tunatarwar ƙararrawa biyu, ɗaya kwana uku kafin ranar, ɗaya da safiyar ranar. Ko kuma a mai da `-1` ya zama `-3`, a gyara ranar farawa ta dace da shi, don tunatarwar ta riƙa zuwa saura ranakun aiki biyu a gaba. Idan kuma Sallah ta doso ƙarshen wata, a matsar da ta wannan watan kaɗai da hannu. Lokacin adanawa kalanda za ta tambaya ko duka za a sauya. A zaɓi This event.