Abin da Tsagaggen Dutsen Sideling Ya Tona

A jihar Maryland ta Amurka akwai tsauni mai suna Sideling Hill, wanda injiniyoyi suka tsaga da nakiya a shekarun 1980 domin babbar hanya ta I-68 ta wuce. Zurfin tsagar ya haura mita 100. Duk wanda ya ga hotonta zai lura da shimfiɗu na dutse, wani kan wani, fari-fari da ruwan toka da baƙi, kuma duk sun lanƙwashe kamar cikin ƙwarya.

Karatun hoton daga ƙasa ake fara shi, domin shimfiɗar da ke ƙasa ita ta riga kwanciya. Baƙin dutsen laka na can ƙasa yana ɗauke da ɓawon halittun teku, alamar cewa teku ya taɓa rufe wurin. Sama da shi akwai dutsen yashi da koguna suka zubar, da siraran layukan kwal da suka samu daga fadama. An kiyasta shekarun waɗannan duwatsu a wajen miliyan 350.

Inda mutane ke rikicewa shi ne ɗaukar kauri a matsayin agogo. A ce ga layin kwal mai kaurin santimita 30. Ruɓaɓɓen ciyayi na taruwa a fadama da kusan milimita ɗaya a shekara, kuma idan nauyin ƙasa ya danne shi yakan ragu kamar sau goma kafin ya zama kwal. Wato santimita 30 ɗin asalinsa mita 3 ne, aikin shekara 3,000 ke nan. Amma dutsen yashi mai wannan kaurin, ambaliya guda na iya zuba shi cikin kwana ɗaya. A hoto kuwa kaurinsu ɗaya!

Sannan akwai lokacin da bai bar komai ba. Idan ka ga ƙasan wata shimfiɗa ya yi kwari ya yanke layukan da ke ƙarƙashinsa, to kogi ne ya kwashe wani sashe kafin ya zuba sabo. Shi ya sa masana ba sa dogara da awon kauri. Suna duba burbushin halittu da ƙwayoyin tsirrai, su gwama da wasu wuraren da aka auna shekarun tokar aman wuta ta hanyar rikiɗewar yuraniyam zuwa dalma.

Lanƙwasar ma da nata labarin. Laka da yashi a miƙe suke kwanciya, don haka sai da suka zama dutse tukuna aka murɗe su, lokacin da nahiyar Afirka ta yi karo da Arewacin Amurka, wajen shekara miliyan 300 da suka wuce. Daga baya ruwa ya cinye duwatsu masu taushi na gefe, ya bar dutsen yashi mai tauri na tsakiyar lanƙwasar, shi ne yau ya zama ƙololuwar tsaunin.