Takardar Darasi Ga Malamin Riƙo Wanda Bai San Fannin Ba

Takardar darasin riƙo ita ce rubutaccen umarnin da malami ke bar wa wanda zai shiga ajinsa ranar da ba ya nan. Rashin lafiya, rasuwa, taron ƙara wa juna sani ko sa ido a jarrabawar kammala sakandare duk sukan fitar da malami daga aji. A irin wannan rana mataimakin shugaban makaranta yakan duba jadawali ya ɗauko duk wanda ba shi da darasi a lokacin. Ta haka ne malamin Hausa ko matashi mai yi wa ƙasa hidima da ya karanta tarihi yake tsintar kansa a gaban ajin lissafi.

Wannan takarda ta bambanta da tsarin darasin da malami ke rubuta wa kansa. Na kansa tunatarwa ce kawai, domin ilimin yana kansa. Na riƙo kuwa dole ilimin ya kasance a cikin takardar, saboda abin da malamin riƙo zai iya bayarwa shi ne tsare aji, kiyaye lokaci da karanta abin da aka rubuta. Ma'aunin ingancinta guda ne: baƙo ya karanta ta cikin minti biyar a ofishin malamai, ya gudanar da darasin ba tare da ya kira mai ajin a waya ba.

Matakin farko shi ne zaɓen abin da za a yi. Ba a buɗe sabon babi a hannun wanda bai san fannin ba, domin tambayar farko da ɗalibi zai yi za ta tsayar da shi, ko kuma ya ƙirƙiri amsa wadda mai ajin zai sha wahalar gyarawa daga baya. Abin da ya dace shi ne bita da atisaye a kan abin da aka riga aka koyar. Misali, malamin lissafi na aji biyu a ƙaramar sakandare da ya koyar da riba da asara a makon jiya zai iya barin atisayen fitar da riba a matsayin kaso cikin ɗari.

Saman takardar yana ɗauke da abubuwan da ɗan gida ke ganin kowa ya sani: sunan aji, lokacin shiga da fita, inda rajista da alli suke, sunan monita, da ɗalibai biyu ko uku da suka fahimci darasin sosai. A nan kuma ake ambaton wanda ba ya ganin allo sai daga benci na gaba. Sai a raba lokacin dalla-dalla. A darasin minti 40, minti 5 na kiran suna ne da rubuta misali a allo, minti 7 na karanta misalin tare da ɗalibai, minti 18 na aiki kowa a littafinsa, minti 7 na musayar littattafai da maki, sauran minti 3 kuma na tattara littattafai.

Zuciyar takardar ita ce misalin da aka warware har ƙarshe, ba a tsallake ko mataki ɗaya ba. A rubuta shi yadda za a kwafe shi a allo. Wata mata ta sayi buhun masara naira 40,000, ta sayar naira 46,000. Da farko a cire kuɗin saye daga kuɗin sayarwa, sai a sami ribar naira 6,000. Daga nan a raba ribar da kuɗin saye, wato 6,000 ÷ 40,000 = 0.15. A ƙarshe a ninka da 100, amsa ta zama kaso 15 cikin ɗari. Da yake littafin karatun da Turanci yake, a gefen kowace muhimmiyar kalma ana rubuta ma'anarta da Hausa, don malamin riƙo ya san wanne ne kuɗin saye, wanne ne na sayarwa.

Bayan misali sai tambayoyi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ta farko tana iya zama kayan naira 200 da aka sayar naira 250, amsa kaso 25. Ta tsakiya ta juya zuwa asara: an saya 5,000 an sayar 4,500, asarar kaso 10. Ta ƙarshe ta juya lissafin baya: wanda ya sayi kaya naira 8,000 yana son ribar kaso 20, nawa zai sayar? Amsa 9,600. Tambayoyi shida zuwa takwas sukan cika minti 18, tare da biyu na ƙari ga masu saurin gamawa, domin ɗalibin da ya gama ya rasa abin yi shi ne yakan fara surutu. Don auna yawan aikin, malami yakan warware tambayoyin da kansa ya duba agogo, sannan ya ninka lokacin sau uku ko huɗu.

Takardar amsoshi ba ta tsaya ga amsar daidai ba. Mai fanni yana ganin amsar kuskure ya san inda aka kauce, malamin riƙo kuwa ba zai sani ba sai an rubuta masa. A wannan darasi kuskuren da ya fi yawa shi ne raba riba da kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye. Don haka takardar za ta ce: wanda ya sami kusan kaso 13 a misalin masara, ko kaso 20 a tambayar farko, ko kusan kaso 11 a ta asara, da kuɗin sayarwa ya raba, a ce masa ya sake da kuɗin saye. Wanda ya rubuta 0.25 a tambayar farko ya manta ninkawa da 100 ne. Da waɗannan layuka biyu malamin tarihi zai iya gyara wa yaro lissafi da gaskiya. Tambayar da ta wuce abin da ke rubuce kuwa, a rubuta ta a bayan takardar da sunan mai ita, ta jira mai ajin.

Takardun da ke lalacewa kusan alamarsu ɗaya. Akwai mai cewa kawai "a ci gaba daga inda aka tsaya", alhali baƙo bai san inda aka tsaya ba, ɗalibai kuma kowa da abin da zai faɗa. Akwai mai ba da lambar shafi a ajin da littafi ɗaya ke yawo tsakanin yara biyar. Maganin wannan shi ne rubuta tambayoyin a cikin takardar, gajeru yadda za su shiga allo. Akwai kuma mai amsar da ba a sake dubawa ba, wadda malamin riƙo zai kare ta da ƙarfi ya ƙaryata ɗalibin da ya yi daidai.

Ƙasan takardar fili ne na rahoto: wa bai zo ba, a tambaya ta nawa yawancin aji suka tsaya, wacce ce ta fi ba da wahala. Idan mai ajin ya dawo ya haɗa rahoton da littattafai, zai gane abin da ya faru. Littattafai masu amsa daidai ba tare da matakai ba suna nuna an kwafe daga allo ne. Idan rabin aji bai wuce tambaya ta uku ba, aikin ya yi yawa ko misalin bai fito fili ba.

Irin wannan takarda tana da iyaka. Tana riƙe darasi ɗaya ko biyu, uku idan ta kama. Ba ta dace da gwaji a ɗakin kimiyya ba, inda akwai wuta da sinadarai, haka nan aikin da ake riƙe kayan sassaƙa ko wayar lantarki. Idan rashin malami zai ɗauki makonni, kamar hutun haihuwa, bita kaɗai za ta bar aji a baya a manhaja, kuma alhakin makaranta ne ta sake jadawali ta kawo malamin da ya san fannin.